An danna maɓallin miƙa jarrabawa, 504 ya fito: me za a rubuta wa lakcara?

Wakiliyar_Aji_Malali

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema daga waɗanda suka san Moodle, manhajar da makarantarmu ke yin jarrabawa a kanta, ciki da waje. Wata 'yar ajinmu ce ta rubuta jarrabawa ta intanet yau Talata. An buɗe da 10:00, za a rufe da 11:00, tambayoyi 40. Ta shiga da 10:04, ta amsa duka, ta danna `Finish attempt ...` da 10:55, jerin tambayoyin ya fito, sannan ta danna `Submit all and finish` da 10:56. Shafin ya yi ta juyi kamar minti ɗaya, sai wannan ya bayyana a farin allo:

```
504 Gateway Time-out
nginx
```

Ta sake gwadawa, shi ɗin ne dai. Ba ta samu shiga ba sai 11:06, ta tarar an rubuta `Never submitted`, babu maki. Ta ɗauki hoton allon. Ga abin da take shirin tura wa lakcara: "Barka da rana Malam, don Allah sabis ne ya ba ni matsala, jarrabawata ba ta tafi ba, a taimaka min." Na ce ta dakata tukuna. Me ya kamata ya shiga cikin takardar, kuma me za ta roƙa takamaimai?

Injiniya_Barnawa

Wa alaikumus salam. Kin kyauta da kika tsayar da ita. Kalmar "sabis" ɗin nan ita za ta fara cirewa, domin ta ɗora wa kanta laifin da hoton bai nuna nata ba ne. Da sabis ɗinta ne ya yanke, Chrome ne da kansa zai yi magana, ta ga irin `ERR_INTERNET_DISCONNECTED` ko `ERR_CONNECTION_TIMED_OUT`. Shi kuwa 504 amsa ce da ta taso daga can ɓangaren saba, wato kwamfutar da ke riƙe da shafin jarrabawar. Kamar ka miƙa takarda ga na bakin ƙofa ne, ya shiga da ita ciki, ya jira ma'aikacin ya gaji, ya dawo ya ce maka ba a amsa ba. Wato saƙonta ya isa ƙofa, kuma amsa ta dawo mata. Wanda ba shi da sabis ba zai ga wannan ba.

Minti ɗayan da ya yi yana juyi ma shaida ce, saboda daƙiƙa 60 ne nginx, manhajar da ke bakin ƙofar saba, ke jira idan ba a sauya masa saiti ba. 10:56 zuwa 10:57 ya dace daidai.

Abba_Rigasa

Gaskiya ne batun 504. Amma tunda an rubuta `Never submitted` ai magana ta ƙare, amsoshin sun tafi. Ta roƙi a sake buɗe mata ta rubuta daga farko kawai, shi ne abin da zai yiwu.

Malama_Unguwar_Rimi

Malam Abba, a nan ba haka ba ne. `Never submitted` yana nufin ba a miƙa ba kafin lokaci ya cika, ba ya nufin an goge amsoshi. Duk lokacin da ɗalibi ya danna `Next page`, amsoshin wannan shafin suna shiga saba. Ban da haka akwai ajiya da ake yi ta atomatik, galibi duk minti ɗaya, gwargwadon yadda makaranta ta saita. Kuma `Finish attempt ...` da ta danna da 10:55 ya riga ya tura shafin ƙarshe. Idan a jerin da ya fito ta ga `Answer saved` a gaban kowace tambaya, to dukkan 40 ɗin suna nan zaune. Lakcara zai iya buɗe `Review attempt` ya gan su, har da lokacin da aka ajiye kowacce a ƙarƙashin `Response history`.

Wakiliya, tambaye ta ko ta tuna abin da ke rubuce a gaban tambayoyin a wancan jerin.

Wakiliyar_Aji_Malali

Na tambaye ta, Malama. Ta ce duk `Answer saved` ne, ban da lamba 31 da ta bari da gangan, ita aka rubuta `Not yet answered`. Ashe 39 ta amsa ke nan, ba 40 ba.

Malama_Unguwar_Rimi

Madalla. Ta rubuta haka a takardar: 39 cikin 40, lamba 31 ce babu amsa. Abu ne da lakcara zai duba cikin minti biyu ya tarar daidai, kuma wanda ke ƙirƙirar uzuri ba ya kawo irin wannan. Da ta ce ta amsa duka, ya buɗe ya ga giɓi, sauran maganarta ma sai ta yi rauni.

Sadiya_Kawo

Ku gaya mata ta rage girman fayil ɗin. Hotunan waya suna da nauyi, shafi huɗu kawai sai ya haura mega 10. Ta mayar da shi PDF, ta matse shi ƙasa da mega 2, sai ta sake ɗorawa.

Injiniya_Barnawa

Hajiya Sadiya, shawararki daidai ce amma ta wata matsalar ce. Waccan ta mai ɗora fayil ce, kuma saƙon da kan fito shi ne `413 Request Entity Too Large`, ko Moodle ya faɗi iyakar girman da ya yarda da shi. Wannan jarrabawar zaɓi ce, babu fayil a ciki.

Sadiya_Kawo

To, na ɗauka rubutu ne da hannu aka ce su ɗora. Amma dai masu irin waccan su lura, `Draft (not submitted)` ba miƙawa ba ce, sai sun ga `Submitted for grading`.

Dakta_Mando

Bari in yi magana daga kujerar mai karɓar irin waɗannan saƙonnin. Bayan kowace jarrabawa ta intanet, saƙon "sabis ya ba ni matsala, a taimaka" yana zuwa da yawa, kuma ba abin da lakcara zai iya yi da shi. Bai san wace ce ba, bai san wane kwas ba in yana koyar da uku, bai san ƙarfe nawa ba, bai san taimakon me ake so ba. Ba mugunta ke sa a yi shiru ba, babu inda za a kama ne.

Abin da ke sa a tashi a duba shi ne takardar da ta ba da abin da za a gwada da rajistar kwas. A cikin `Logs` ana tace sunan ɗalibi da ranar, sai a ga layuka da lokutansu: `Quiz attempt started`, `Quiz attempt viewed`, `Quiz attempt summary viewed`, sannan `Quiz attempt submitted` idan ta tafi. Ga wannan yarinyar, abin da ake sa ran gani shi ne farawa da 10:04, kallon jeri da 10:55, sai shiru. Idan lokutan da ta rubuta sun hau kan waɗannan, rabin shari'ar ta ƙare.

Don haka kada ta ce "wajen ƙarfe sha ɗaya". Ta ba da minti. In ba ta tabbata ba, ta buɗe tarihin burauza, a kwamfuta `Ctrl+H`, lokutan suna nan a jere.

Abba_Rigasa

Dakta, ranka ya daɗe, amma rajistar ba za ta nuna ta danna maɓallin ƙarshe ba ai. Wani zai iya kai wa jeri ya zauna yana duba littafi har lokaci ya cika, sannan ya ce saba ce.

Dakta_Mando

Tambayarka tana kan hanya. Rajistar kwas ba ta rubuta dannawar da ba ta kammala ba. Amma abu biyu ne ke rufe wannan giɓin. Na farko, idan babu amsar da ta sauya bayan 10:55, zaman bai ƙara mata komai ba. Na biyu yana hannun ma'aikatan sashen kwamfuta, Injiniya ya fi ni saninsa.

Injiniya_Barnawa

E, ita saba tana da tata rajistar dabam da ta Moodle, wadda ke rubuta kowace buƙata da lambar amsar da aka mayar. Dannawarta za ta fito a matsayin `POST` zuwa `/mod/quiz/processattempt.php` da 504 a gabanta. Abin da zai sa a gano layinta cikin dubbai shi ne lambar zamanta. Ta duba tarihin burauza, za ta ga adireshin shafin jeri kamar haka:

```
/mod/quiz/summary.php?attempt=48213&cmid=907
```

Lambobin nan misali ne, nata dabam ne. Wadda ke bayan `attempt=` ita za ta kwafa cikin takardar. Kada ta dogara da lambar IP, saboda a layin waya mutane da yawa ke raba guda ɗaya, kuma tana sauyawa.

Sannan a hanzarta. Irin wannan rajistar ana juya ta ana share tsofaffi, wani wurin bayan mako biyu, wani wurin ƙasa da haka. Takardar da ta isa yau ta fi wadda za ta isa bayan an fitar da sakamako nesa ba kusa ba.

Ummu_Hanif_Badarawa

Ku yi magana a kan hoton kansa, don nan ake yawan ɓata shaida. Kada ta yanke shi. Ana son a ga adireshin shafi a sama da agogo, na waya a saman allo, na Windows a ƙasan dama tare da kwanan wata. Hoton da aka yanke ya rage kalmomi uku a farin fili, kowa zai iya samo irinsa. Kada ta zana ja a kai, kada ta sauya masa suna, domin yawancin wayoyin Android suna sa rana da lokaci a cikin sunan fayil ɗin. Idan ta WhatsApp za ta tura, ta zaɓi `Document`, in ba haka ba za a matse hoton a sauya masa suna. Ta imel ya fi.

Ta ƙara hoto na biyu yanzu, na shafin da ke nuna `Never submitted`.

Wakiliyar_Aji_Malali

A laftof ta rubuta, ta haɗa da datar wayarta. Da waya ta ɗauki hoton allon, agogon laftof ɗin ya fito, 10:57, adireshin ma ana karantawa.

Ummu_Hanif_Badarawa

Ya wadatar. Sai dai ta duba ƙa'idar jarrabawar. In an hana riƙe waya, ta faɗa a layi ɗaya cewa bayan kuskuren ya fito ne ta ɗauko ta don ɗaukar hoto. Gara ta faɗa da kanta da a tambaye ta.

Baban_Khalifa_Tudun_Wada

Ni fa ina ganin ana kewaye wata gaskiya. Me ya sa za ta jira sai saura minti huɗu? Kowa ya san ƙarshen lokaci ne ɗalibai ke rububin miƙawa, saba ta cika. Kamata ya yi ta fara da ban haƙuri, ta amsa sakacinta, sannan ta nemi alfarma. Manya sun fi son mai tawali'u.

Malama_Unguwar_Rimi

Baban Khalifa, ladabi dole ne, wannan babu gardama. Amma an ba ta har 11:00, ta danna da 10:56, tana cikin lokacinta. Idan ta rubuta da hannunta cewa sakacinta ne, takardar na iya zuwa gaban jami'in jarrabawa, kuma abin da ta rubuta shi za a karanta. Ta gaishe shi, ta gode masa, ta faɗi abin da ya faru. Haka kuma kada ta zame ɗaya gefen ta ce "sabar makaranta ba ta da kyau". Ba aikinta ba ne yanke hukunci. Ta kwafi saƙon harafi da harafi ta bar shi ya yi magana.

Baban_Khalifa_Tudun_Wada

Na ji, amma ban sauka gaba ɗaya ba. Shawarar da zan ba kowane ɗalibi ita ce ya miƙa da saura minti 10.

Dakta_Mando

Wannan shawara ce ta gaba, kuma mai kyau ce. Ba ta shiga takardar yau.

Ku dawo kan abin da za ta roƙa, don shi ne zuciyar takardar. `Never submitted` yana fitowa ne idan a saitin `When time expires` an zaɓi cewa dole a miƙa kafin lokaci ya cika, ko an ba da ɗan ƙarin wa'adi shi ma ya wuce. Da an zaɓi `Open attempts are submitted automatically`, da zamanta ya miƙa kansa bayan 11:00 kuma da ba mu nan muna wannan magana.

Gyara iri biyu ne. Daga Moodle 4.2 zuwa sama akwai maɓallin `Reopen` a gaban irin wannan zaman a shafin sakamako. Idan lokacin jarrabawa ya riga ya wuce, sake buɗewar tana miƙa amsoshin da ke ajiye ne kai tsaye a yi musu maki, ɗaliba ba ta taɓa komai ba. Na biyu shi ne `User overrides`, inda ake ba ɗalibi ɗaya sabon lokaci da ƙarin zama. Wannan ya fi wa lakcara nauyi, domin ta riga ta ga tambayoyin, kuma 'yan aji sun tattauna su. Sau da yawa sai an nemi izinin sashe, ko a haɗa sabbin tambayoyi.

Saboda haka ta fara da mai sauƙi: a yi wa amsoshin da aka ajiye kafin 10:56 maki. Ba ta neman ƙarin minti ko ɗaya, ba ta neman fifiko a kan kowa. Sake zama ya zo na biyu, in na farko ya gagara.

Abba_Rigasa

To in tsohon zubi makarantar ke amfani da shi, babu `Reopen` fa?

Dakta_Mando

Amsoshin suna nan a `Review attempt` duk da haka. Tambaya 39 na zaɓi, lakcara zai iya bin su da hannu ya shigar da makin a littafin maki. Aiki ne, amma ba mai yawa ba.

Malama_Unguwar_Rimi

Ga yadda zan tsara ta. Na rubuta da Hausa don kowa ya ga ƙashin bayanta, ita sai ta mayar da harshen da ake rubuta wa sashe, amma saƙon allo ya zauna yadda yake. A layin batu ta sa lambar kwas, lambar rajistarta, da "jarrabawar Talata ba ta miƙu ba, 504 da 10:57".

"Assalamu alaikum Malam, barka da aiki. Sunana kaza, lambar rajista kaza, aji kaza. Ina rubutowa ne game da jarrabawar kwas kaza ta yau Talata, 10:00 zuwa 11:00.

Na fara da 10:04. Da 10:55 na isa shafin jeri, tambayoyi 39 suna nuna `Answer saved`, lamba 31 ce kaɗai ban amsa ba. Da 10:56 na danna `Submit all and finish`. Bayan kamar minti ɗaya allon ya nuna `504 Gateway Time-out`. Na sake gwadawa, saƙon bai sauya ba. Na samu shiga da 11:06, na tarar da `Never submitted`. Lambar zamana ita ce kaza. Na yi amfani da laftof da Chrome, da datar waya.

Na haɗa hotuna biyu, na saƙon kuskuren da na shafin da ke nuna matsayin zaman. Da waya na ɗauki na farko bayan kuskuren ya fito.

Ina roƙon a duba amsoshin da aka ajiye kafin 10:56 a yi musu maki. Idan hakan ba zai yiwu ba, a shirye nake in sake zama a duk lokaci da wurin da kuka ga dama, ko a gaban mai sa ido. Na gode, Allah ya saka da alheri."

Ta sa cikakken kwanan wata a gaban Talatar. Ban sa batun wuta, ko nisan gida, ko kuɗin data ba, domin babu wanda ya shafi 504.

Injiniya_Barnawa

Ta yi kyau. Ƙari ɗaya: inda aka ce "na sake gwadawa", in ta san lokutan ta sa su, misali 10:58 da 10:59. Kowane gwaji layi ne a rajistar saba, kuma gwajin da ya faɗo kafin 11:00 ya fi na bayansa daraja.

Wani abu kuma ga masu karatu. 504 ba kullum yake nufin ba ta tafi ba. Wani lokaci na ƙofa ya gaji da jira, amma na ciki ya ƙarasa aikin daga baya. Kafin kowa ya rubuta takarda, ya koma shafin jarrabawar ya duba. In ya ga `Finished`, ta shiga, ba sai an tayar da hankalin lakcara ba.

Ummu_Hanif_Badarawa

Wakiliya, ke kuma akwai naki aikin. Tambayi aji ko akwai waɗanda suka ga saƙon nan tsakanin 10:55 da 11:05. In suna da yawa, ki haɗa jeri ɗaya: lambar rajista, lokaci, saƙon da ya fito. Amma ki ware masu 504 daga masu `ERR_`, kada ki cakuɗa, don ba matsala ɗaya ba ce kuma cakuɗawar za ta raunana na masu hujja.

Wakiliyar_Aji_Malali

Na tambaya. Zuwa yanzu mutum shida sun turo hoton 504, biyu kuma nasu `ERR_NETWORK_CHANGED` ne. Kowa ya tura tasa takardar, ko jerin ya wadatar?

Dakta_Mando

Kowa ya tura tasa, ke ki tura jerin. Gyaran ana yin sa ne zama bayan zama, kuma kowane ɗalibi yana buƙatar shaidar cewa ya kai kuka a ranar. Su biyun can, saƙonsu yakan fito ne idan na'ura ta sauya hanyar intanet ana tsakiyar aiki, kamar daga wayafai ɗaya zuwa wani. Su faɗi gaskiyar abin da ya faru, roƙonsu iri ɗaya ne, tunda su ma amsoshinsu na iya kasancewa a ajiye.

Baban_Khalifa_Tudun_Wada

Imel kaɗai ba ya isa a nan garin. Akwai malaman da sai su yi mako ba su buɗe ba. Ta buga takarda, ta bi ta hannun shugaban sashe, a buga mata hatimin karɓa a kwafinta.

Malama_Unguwar_Rimi

Imel yau, daga adireshin da makaranta ta ba ta in tana da shi, domin shi ke riƙe rana da lokaci. Takardar hannu kuma ni zan jinkirta ta. Kai magana ga shugaban sashe kafin lakcara ya samu damar dubawa yana iya zama kamar an kai ƙararsa.

Baban_Khalifa_Tudun_Wada

In gwajin tsakiyar zango ne, na yarda. In jarrabawar ƙarshe ce, lakcara shi kaɗai ba shi da ikon taɓa maki, dole jami'in jarrabawa ya sani, kuma jinkirin ita zai cutar.

Dakta_Mando

Wannan ya danganta da dokar makarantar, ta duba littafin ɗalibai ko sanarwar da aka fitar da jarrabawar, wani lokaci an rubuta wa'adin kai ƙorafi da wanda za a kai wa. In an ambaci jami'in jarrabawa, ta sa shi a `Cc` tun a imel ɗin farko. In ba a ce komai ba, ni zan ce ta ba lakcara kwana biyu na aiki, sannan ta je ofis da kwafin imel ɗin a buge.

Wakiliyar_Aji_Malali

Ta ƙarshen zango ce. Sanarwar ba ta ambaci kowa ba, lokacin buɗewa da rufewa kawai aka rubuta. Ta tura imel ɗin da 3:20 da hotunan biyu da lambar zamanta. Baban Khalifa da Malama, a kan sa jami'in jarrabawa a jerin da ni zan tura, in sa shi ko in bari sai jibi?